Shago Ɗaya, Baki Huɗu: Fashin Baƙi Kan Kundin Salon Magana

Idan mutum huɗu ne suke rubutu da sunan shago ɗaya, yaya za a yi mai saye ya ji kamar da mutum guda yake magana? Tun da ciniki ya koma waya wannan tambaya take damun 'yan kasuwar Kano. Shagon da a da maigida ne kaɗai yake amsa saƙo, yau yaron shago ne a kan WhatsApp, ƙanwar maigida tana ɗora hotuna a Instagram daga makaranta, wani ɗan'uwa yana riƙe da TikTok, shi kuma maigida sai bayan isha'i yake leƙowa. Masu ba da shawara kan tallan zamani sukan ce maganin shi ne a rubuta kundin salon magana, kuma a nan ne kai yake rabuwa. Wasu na ganin wannan aikin banki ne da kamfanin waya, ba na mai shago a Kantin Kwari ba. Wasu sun ɗauka jimloli ne za a tanada a riƙa kwafa ana mannawa. Akwai kuma waɗanda suka biya aka rubuta musu, aka miƙo musu shafi goma cike da "gaskiya, amana, inganci", daga ranar babu wanda ya sake buɗewa.

Duka ukun ba su kamo bakin zaren ba. Kundin ba komai ba ne illa rubutaccen hukunci a kan wuraren da masu rubutun suke saɓa wa juna. Inda kowa ya riga ya yi daidai da kowa, ba a buƙatar ko layi ɗaya.

Murya daban, lafazi daban

Murya ita ce halin shagon wanda ba ya sauyawa: mai ladabi ne ko mai barkwanci, mai gajeriyar magana ne ko mai dogon bayani, yana zuzuta kaya ko yana faɗar abin da ke akwai kawai. Lafazi kuwa hawa da saukar wannan muryar ne gwargwadon hali. Alhajin da ka sani a kasuwa shi ne dai a wurin ɗaurin aure, shi ne a wurin ta'aziyya. Ko a duhu ka ji shi za ka gane shi, amma yadda yake magana a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Kamfanin Mailchimp mai aika saƙonnin talla ta imel, wanda ya saki kundinsa a fili kowa ya karanta, a kan wannan bambanci ya gina nasa.

A 2016 masu bincike na Nielsen Norman Group, kamfanin da ke nazarin yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, sun fitar da ma'auni huɗu na auna lafazin rubutu: raha ko ɗaure fuska, tsarin ofis ko sakin jiki, girmamawa ko rashin shakkar kowa, zumuɗi ko faɗar magana yadda take. Ma'aunan suna da amfani, sai dai ba su isa mai rubutu da Hausa ba. Ba su san rigimar "kai" da "ke" da "ku" ba, ba su san inda ake sa "in sha Allah" ba, kuma ba su san kasuwar da ake tayi a ce albarka ba. A waɗannan wurare ne namu kundin yake da aiki.

Dalilin da ya sa abin ya fi ciwo a nan

A cinikin waya na Kano, kuɗi ne yake fara tafiya. Mace tana Gusau ko Jos ko Maraɗi, ta ga leshi a hoto, ta tura kuɗi, sannan a kai kayan tasha a ba direba. Ba ta taɓa ganin shagon ba, ba ta san fuskar kowa ba. Abin da take riƙe da shi kawai shi ne yadda ake mata magana. Kuma kowa ya ji labarin shafin da aka yi wa kutse, ko na bogi da aka buɗe da hotunan wani. Saboda haka idan jiya an amsa mata da cikakkiyar sallama da nutsuwa, yau kuma aka jefo mata "slm ykk turo kudin" tare da lambar asusun da ba ta saba gani ba, ba za ta ce yaron shago ne ya karɓi wayar ba. Cewa za ta yi 'yan damfara ne, ta yi shiru. Mai shago ba zai taɓa sanin ya yi asarar ciniki ba, domin wanda ya tsorata ba ya sallama.

Su kansu manhajojin sun buɗe ƙofar hannu da yawa. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana barin a haɗa wasu na'urori huɗu da babbar wayar, kuma duk wanda ya rubuta, lamba ɗaya da suna ɗaya mai saye yake gani. Meta Business Suite tana barin a ba ma'aikaci damar rubutu a Facebook da Instagram ba tare da an ba shi kalmar sirri ba. Manhaja ta haɗa hannuwan, amma ba ta haɗa bakunan ba.

Inda ake samo dokokin

Mu ɗauki misalin shagon atamfa da shadda da leshi a Kwari, mai masu rubutu huɗun da aka ambata. Kada a fara da zama a tambayi maigida wane irin hali yake so shagonsa ya nuna, domin amsar da kowane ɗan kasuwa zai bayar ɗaya ce. A fara da wayarsa. A zaƙulo hirarraki talatin zuwa hamsin waɗanda shi da kansa ya yi, musamman waɗanda suka ƙare da ciniki da waɗanda aka fara da faɗa aka gama lafiya. Muryar shagon tana cikinsu, tun kafin a san za a rubuta wani kundi.

Mataki na biyu ya fi wannan tona asiri. A zaɓi tambayoyi biyar da aka fi yi, a ba kowane mai rubutu ya amsa shi kaɗai, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. A ce tambayar ita ce: "Salamu alaikum. Wannan nawa? Kuma tana zuba?" Ga irin abin da kan fito.

Yaron shago: "18500 ce hajiya original ce wlh bata zuba."

Ƙanwa: "Sannu ƙawata! Wannan ai ta manyan mata ce, shigo ta ciki mu yi magana." Sai fuskokin dariya uku da zuciya biyu.

Maigida: "Wa alaikumus salam. Turmi mai yadi 6 naira 18,500 ne. Takan ɗan saki launi a wankin farko, a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi. Kala uku suka rage."

A cikin layi uku an sami saɓani shida: gaisuwa, sunan da ake kiran mai saye, faɗar farashi a fili ko ɓoye shi, yadda ake rubuta kuɗi, rantsuwa a kan ingancin kaya, da yawan alamomin fuska. Kowane ɗaya hukunci ne da maigida zai yanke, kuma waɗannan hukunce-hukuncen su ne kundin. A rubuta kowanne da gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da muke cewa, abin da ba ma cewa, da dalili a jimla ɗaya. Dalilin shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ne yake taimakon yaro ranar da tambayar da ba ta cikin kundin ta zo. Wanda ya san an hana rantsuwa ne saboda shagon ba ya alkawarin abin da ba a gwada ba, shi da kansa zai gane cewa "ba ta koɗewa har abada" ma ba ta halatta ba, ko da ba a rubuta ta ba.

Shafi biyu sun wadatar. Kundin da ba ya karantuwa a fuskar waya, a tsaye, ana tsakiyar ciniki, na cikin durowa ne.

Kai, ke, ku, da wanda yake magana

Wannan ce doka ta farko, kuma kundin da aka kwafo daga Turanci ba ya ko taɓa ta. Saƙo ya shigo daga lambar da hotonta fure ne, sunanta kuma sunan wani gari. Namiji ne ko mace? Yaro ne ko sa'ar mahaifiyarka? Wanda ya rubuta "kana so" ga Hajiya mai haɗa lefen ɗanta ya fara da ɓata rawarsa da tsalle. Hukuncin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a fara da "ku": "Wace kala kuke so?" Ba ta zaɓi jinsi ba, tana ɗauke da girmamawa, kuma ta dace da rubutun da jama'a da yawa za su karanta. Idan hira ta yi nisa aka san wa ake magana da shi, sai a koma "ke" ko "kai" tare da laƙabi, Hajiya, Alhaji, Malam, Malama, domin "ku" ɗin da ta daɗe da tsohon kwastoma takan zama kamar ana nesa-nesa da shi.

Kundin ya faɗi laƙabin da aka yarda da wanda aka hana. "Ƙawata" da "masoyiya" suna iya dacewa da shafin mai sayar da humra da turaren wuta wadda kowa ya san mace ce ita kaɗai. A shagon da saurayi ne yake riƙe da wayar rabin yini, kalma ce da za ta iya jawo kiran miji. Ba wasa nake ba.

Sai wanda yake magana: "ni" ko "mu"? Idan hannu huɗu ne, "mu" ce gaskiya. "Na duba miki" daga bakin mutum huɗu yana haifar da rikici ranar da mai saye ta dawo ta ce ai kai ka ce mini, alhali wanda ya faɗa ya tafi makaranta. Wasu shagunan sukan ƙara da sa sunan mai amsawa a ƙarshen saƙon sirri, musamman idan magana ta kai ga kuɗi. Wannan ba ya karya murya ɗaya, yana ma nuna shago ne mai tsari. Abin da yake karya ta shi ne yaro ya riƙa rubutu kamar shi ne Alhaji.

Harshe ma hukunci ne. Kwari tana ciniki da Hausawa, da 'yan Sabon Gari, da masu sari daga Kudu da Nijar da Chadi da Kamaru. Doka mai sauƙi ita ce a amsa da harshen da aka yi tambaya, a mayar da gaisuwar da aka yi: wanda ya yi sallama a amsa masa cikakkiya, wanda ya ce barka da rana a ce masa barka kadai. A haramta gajerce-gajercen hira irin su "slm", "lfy" da "ngd" da sunan shago. A kuma tsayar da magana kan haruffa masu lanƙwasa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma a shagon da ake sayar da baƙin yadi, "baki" da "baƙi" ba abu ɗaya ba ne. Ko an zaɓi a sa su ko a bari, kowa ya bi hanya ɗaya.

Farashi, alkawari da "in sha Allah"

A nan ne salon magana yake zama kuɗi. Ƙanwar da ta ce "shigo ta ciki" tana da hujjarta: farashi yana motsi da dala, maƙwabta suna leƙe, kuma ciniki al'adarmu ce. Amma ta ɓangaren mai saye, ɓoye farashi yana nufin za a kalli hotonta a yanka mata nata. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a bayyana farashin kayan da aka baje don sayarwa, ta kuma hana bayanin da zai yaudari mai saye. Ni dai ina ɓangaren a faɗa a fili, a haɗa da ranar da aka faɗa. Duk wanda maigida ya zaɓa, babban laifi shi ne Instagram ya ɓoye, WhatsApp ya faɗa, TikTok kuma ya faɗi wani daban.

A rubuta siffar kuɗi guda ɗaya, misali "naira 18,500", kullum tare da ma'auni: turmi ne, yadi nawa ne, na sari ne ko na ɗai-ɗai, da kuɗin mota ko babu. A rubuta wa yake da ikon ragi, kuma har nawa. Yaron da ba shi da iko kada ya ce "babu ragi" da kaushi, kada kuma ya ce "za a duba miki" ya rataye ta. Kundin ya ba shi jimlarsa: "Farashin ɗai-ɗai ke nan. Daga turmi biyar akwai na sari, in kuna so mu turo." Lambar asusu kuwa ɗaya ce, da sunan da ke kanta, kuma a rubuta a saman shafi cewa shago ba ya karɓar kuɗi ta wani asusun. Ranar da aka bar yaro ya tura nasa saboda na shago yana jinkirin alat, an rusa rabin abin da ake ginawa.

Sai "in sha Allah". Babu mai cewa Musulmi ya bar ta. Amma masu saye sun sha ganin an mai da ita mafaka, har idan aka ce "za su iso in sha Allah" kawai, abin da suke ji shi ne babu rana. Dokar ita ce kada ta fita ita kaɗai, ta tafi da rana da wuri: "Za mu kai tasha gobe Talata kafin azahar in sha Allah, za mu turo lambar direba da zarar mota ta tashi." Rantsuwa kuwa a cire ta gaba ɗaya daga bayanin kaya. Magana zarar bunu ce, ta waya ma ta fi, tunda hotonta ake ɗauka a ajiye. WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙon da aka tura, bayan nan abin da aka rubuta ya zauna.

Abubuwan da ba sa sauyawa, irin su asusu, kwatancen shago da sharaɗin aike, su kaɗai ne suka cancanci a kwafa a manna. WhatsApp Business yana da amsoshin gaggawa don haka: a ajiye saƙon sau ɗaya, mai amsawa ya danna alamar / ya zaɓa.

```
/asusu
/kwatance
/aike
```

Kuskuren da ake yi shi ne a tanadi irin wannan don gaisuwa da ban haƙuri. Mutum yana gane ban haƙurin gwangwani tun daga kalmar farko.

Ranar da kaya suka zo ba daidai ba

A ce wata ta sayi turmi goma na anko, biki saura kwana shida, ta buɗe ƙunshi ta tarar biyu launinsu ya fi sauran duhu. Ba ta zo ta ciki ba, a ƙarƙashin sabon hoton shago ta rubuta, inda kowa yake gani: "Ku ji tsoron Allah, abin da kuka turo ba shi na zaɓa ba."

Idan babu kundi, abu uku ne zai faru, ya danganta da wanda wayar take hannunsa. Yaro zai kare kansa: "Hajiya hasken waya ne, mu ba ma cuta." Ƙanwa za ta goge maganar saboda tana ɓata shafi. Maigida zai kira ta, amma sai dare, bayan mutum ɗari sun karanta. Na farko ya ƙaryata ta a bainar jama'a, na biyu ya tabbatar wa duk wanda ya gani kafin a goge cewa akwai abin ɓoyewa.

Kundin ya tsara amsar fili a gaɓa uku, gajeru: a karɓi magana, a faɗi abin da za a yi, a faɗi lokaci. "Hajiya, ki yi haƙuri da wannan ɓacin rai. Mun turo miki saƙo yanzu, ki ɗauko mana hoton turamen biyu kusa da sauran. Kafin la'asar za ki ji hukuncinmu." Babu alamar dariya, babu "amma", babu wa'azi. Lura cewa ba a amsa laifi ba tukuna, ba a kuma musanta ba, domin wanda yake rubutun bai ga kayan ba. Wannan ita ce muryar da ta faɗi farashi jiya, ta sauke lafazi kawai.

Sauran a saƙon sirri ne, kuma kundin ya faɗi iyakar kowa: yaro yana iya karɓar hoto da lambar rasit, amma canji ko mayar da kuɗi na maigida ne, kuma dole a sanar da shi cikin sa'a ɗaya. A nan ne ake gane ladabin cikin gida ma yana da tsari: "Alhaji, ga maganar anko ta Hajiyar Gusau, turmi biyu, na ce mata kafin la'asar." Idan an warware, a koma fili a rufe da layi ɗaya, don masu kallo su ga ƙarshen labarin. Abin da kawai ake gogewa shi ne zagi, da tallan wani, da lambar wayar mutum.

Wani abu da ya kamata ya shiga wannan sashe: hoton alat da na hirar yabo da ake ɗorawa a sitatus don nuna ana ciniki. Sau da yawa sunan mutum da lambarsa da adadin kuɗinsa suna fitowa ɓaro-ɓaro. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko babu doka, ba kowace mace ce take so dangin miji su ga nawa ta kashe a leshi ba. A nemi izini, a rufe suna da lamba.

Masu cewa kundi yana kashe ciniki

Suna da gaskiya a wani wuri. Kasuwar Kano da raha take tafiya. Akwai yaron da barkwancinsa ne yake tara jama'a a TikTok, idan ka ɗaure shi da jimlolin ofis ka kashe abin da ake zuwa kallo. Amsar ba a hana raha ba ce, a shata mata fili. A yi wasa da kaya, da zafin Kano, da mazan da suke kuka da kuɗin lefe. Kada a yi da jikin mutum, ko ƙabila, ko aƙida, ko siyasa, ko maƙwabcin shago. Wasan Kanawa da Zagezagi yana da daɗi a baki tsakanin waɗanda suka san juna, amma a rubuce, a gaban baƙo, ba kowa ne yake jin murmushin ba. TikTok zai fi WhatsApp sakin jiki, kuma hakan daidai ne, muddin farashi da alkawari da laƙabi ba su sauya ba.

Su ma ma'aikata sukan ɗauke shi a matsayin rashin yarda. A aikace su ya fi karewa. Yaron da ya bi abin da aka rubuta, ciniki ya lalace, yana da abin nunawa. Ba tare da kundi ba, doka ita ce abin da ran maigida ya so a ranar. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta shi tare da su, kuma maigida ya san shi ma ya ɗauru. Galibi shi ne yake fara karyawa.

Akwai kuma kwanakin da lafazi yake sauka gaba ɗaya: an yi gobara ko ambaliya a kasuwa, an yi babban rashi a gari. Hoton da aka tsara tun makon jiya zai fita da kansa a kan lokacinsa, da "garaɓasa" da alamun wuta, idan ba a tsayar da shi ba. Kundin ya ambaci mutum ɗaya da alhakin dakatarwa yake kansa. Haka lokacin sallar Juma'a da na buɗa-baki a azumi: a sa saƙon da yake faɗar lokacin da za a dawo, maimakon a bar mutum yana jira.

Yadda ake gane ya yi aiki

Bayan mako biyu, a kwashe amsoshi goma sha biyu, uku daga kowane mai rubutu, a cire sunaye, a ba maigida ko wata tsohuwar kwastoma su faɗi wa ya rubuta wanne. Idan sun gane, a tambaye su me ya tona. Yawanci ƙaramin abu ne: wannan ba ya sa aya, wancan kullum da "to" yake farawa, waccan tana jera alamar mamaki uku. Abin da ya tona ko dai ya zama sabuwar doka, ko a yanke cewa bai dami kowa ba a bar shi. Ba a neman mutum huɗu su zama inji, ana neman kada mai saye ya tsaya yana tantama.

Alamun gazawa kuma a cikin saƙonni suke. Idan "wa nake magana da shi?" da "a haɗa ni da Alhaji" suka yawaita, murya ta rabu. Idan mutum ya tambayi kala aka manno masa sharaɗin aike, kundin ya koma kwafe. Idan sabon yaro ya yi wata guda bai san akwai shi ba, ya mutu. A sa kwanan wata a samansa, a ajiye kwafi ɗaya tak inda kowa yake gani, a duba shi kafin azumi da kafin Babbar Sallah, lokacin da saƙo yake ninkuwa ake ɗauko ƙarin hannu.

Inda kundi yake da rauni shi ne saƙon murya. Kwastomomi da yawa ba sa rubutu, magana suke turowa, kuma muryar saurayi ba za ta taɓa zama ta Alhaji ba. Abin da za a iya tsarawa shi ne buɗewa da rufewa: mai magana ya faɗi sunan shago da nasa, kada ya wuce rabin minti, sannan duk abin da ya shafi farashi, yawan yadi, asusu da ranar aike a biyo shi a rubuce a ƙasa. Idan wata ta ce ita da Alhaji kawai ta saba, Alhajin ne zai turo murya ɗaya da kansa ya gabatar mata da yaron, ya ce daga yau shi ne zai riƙa amsa mata, kuma asusun bai sauya ba.